Lambobi Biyu da Suka Isa a Gano Kano a Doron Duniya

A watan Janairu na shekarar 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wani hafsan sojan ruwa ɗan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya shigo birnin Kano. Daga Tarabulus ya taso, ya ratsa Sahara zuwa Barno, daga can ya nufo ƙasar Hausa da niyyar isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin abubuwan da ya rubuta game da Kano akwai lambobi biyu. Na farko ya ce birnin yana digiri 12 da ɗan ɗoriya arewa. Na biyu ya ce yana digiri 9 da minti 20 gabas.

Yau duk mai wayar zamani a aljihu yana iya bincikar wannan awo nasa. Idan ya tsaya a cikin birni ya buɗe taswirar waya, zai ga digiri 12 arewa, daidai da abin da baƙon ya rubuta shekara ɗari biyu da suka wuce. Amma lamba ta biyu za ta nuna masa wajen digiri 8 da minti 31. Clapperton ya tura Kano gabas da kusan kilomita 90, ya ajiye ta a layin da garin Dutse yake.

Mutum ɗaya, kayan aiki ɗaya, gari ɗaya, amma lamba guda ta faɗa daidai, ɗayar ta kauce. Ba sakaci ne ya jawo haka ba. Lambobin biyu ne ba hanyar samunsu ɗaya ba. Na farkon shi ake kira latitud, na biyun lonjitud, kuma wanda ya gane abin da ya sa ɗaya ya yi sauƙi ɗaya ya yi wuya, ya gama gane yadda ake sanin matsayin kowane wuri a duniya.

Yanka iri biyu

Duniya dunƙulalliya ce, kuma tana juyawa a kan kanta. Wannan juyawa ita ta ba ta wurare biyu da ba su gusawa, wato ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. Daidai tsakiyar tazarar da ke tsakaninsu aka zana wani layi na ƙiyasi da ya kewaye duniya, shi ne Ikwaita. Tsawonsa kimanin kilomita 40,000 ne, kuma a Afirka ya ratsa ta Gabon, da Kwango, da Yuganda, da Kenya, da Somaliya.

A ɗauki lemun zaƙi. Ana iya yanka shi a kwance, faifai-faifai: na tsakiya ya fi faɗi, sauran suna ƙanƙancewa har a kai sama ko ƙasa. Layukan latitud ke nan, da'irori da ba su taɓa haɗuwa da juna. Ana kuma iya ɓare shi a bi ɓangarorinsa, waɗanda kowannensu ya taso daga sama ya sauka ƙasa, ya buɗe a tsakiya ya tsuke a bakin biyu. Layukan lonjitud ke nan, kuma dukkansu a ƙuryoyin nan biyu suke haɗuwa.

Latitud yana amsa tambaya ɗaya tak: nawa ne nisan wurin daga Ikwaita, arewa ko kudu? Ikwaita ita ce sifiri, ƙuryar arewa digiri 90 arewa, ƙuryar kudu digiri 90 kudu. Ana ƙirgawa da digiri domin a gaskiya kusurwa ake aunawa, kamar a ce mutum yana can tsakiyar cikin duniya, ya nuna Ikwaita da hannu ɗaya, ya nuna garin da ɗayan, sai a auna buɗewar da ke tsakanin hannuwan. Tun da kewayen duniya digiri 360 ne, idan aka raba kilomita 40,000 gida 360 za a samu kusan kilomita 111. Ke nan duk wanda ya miƙe arewa sak ya ci kilomita 111, ya ƙara digiri ɗaya. Legas tana wajen digiri 6 da rabi, Kano 12, Katsina 13, Damagaram dab da 14, Agadas 17. Kano, a taƙaice, tana fiye da kilomita 1,300 arewa da Ikwaita.

Sai dai faɗin "digiri 12 arewa" kaɗai bai kai mutum Kano ba. Layin nan ya kewaye duniya gaba ɗaya. Birnin Njamena na Chadi yana kusan kansa, Wagadugu ma ba ta yi nisa da shi ba, sannan ya ƙetare teku ya bi ta kudancin Indiya. Haka shi ma "digiri 8 da rabi gabas" bai isa ba, domin birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, inda ƙanƙara ke sauka, yana kan wannan layi tare da Kano. Amma layin kwance na digiri 12 arewa da layin tsaye na digiri 8 da rabi gabas wuri ɗaya kawai suke gittawa a duk faɗin duniya. Dalilin da ya sa lambobi biyu suka wadatar ke nan, kuma dalilin da ya sa ɗaya ba ya isa.

Digiri babban ma'auni ne, saboda haka aka raba shi gida 60, ana kiran kowane kashi minti, shi ma aka raba shi gida 60 ana kiransa sakan. Waɗannan ba mintin agogo ba ne, na awon kusurwa ne. Minti ɗaya na latitud kimanin kilomita 1.85 ne, sakan ɗaya kuwa wajen mita 31.

Abin da sanda da inuwa za su iya

Sauƙin latitud shi ne sama tana faɗinsa kyauta ga wanda ya iya dubawa. Akwai wani tauraro da ke tsaye kusan daidai saman ƙuryar arewa, don haka duk dare sauran taurari suna kewayawa shi kuwa yana nan inda yake. Tsayin wannan tauraron arewa daga inda sama ta haɗu da ƙasa kusan daidai yake da latitud ɗin mai kallo. A Kano yana digiri 12 sama da ƙasa. Idan mutum ya miƙe hannunsa ya dunƙule, faɗin dunƙulen yana rufe kimanin digiri 10 na sama, don haka tauraron zai ɗara dunƙule ɗaya kaɗan. A Agadas ya fi haka ɗagowa, a Legas ya sunkuya sosai har gine-gine da hazo sukan ɓoye shi, wanda ya tsallake Ikwaita zuwa kudu kuwa ya rabu da shi ke nan. Ko a Kano sai an samu dare mai garau da fili buɗaɗɗe, domin ƙurar hunturu takan shafe duk abin da ke ƙasa-ƙasa.

Rana ma tana faɗi, kuma wannan gwaji ne da kowane malamin makaranta zai iya yi da ɗalibansa a filin wasa. Sau biyu a shekara, wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba, rana takan tsaya daidai saman Ikwaita. A irin wannan ranar a samu sanda miƙaƙƙiya a kafa ta a wuri mai baje, ta yadda mita ɗaya cif zai fito sama da ƙasa. A tabbatar ba ta karkace ba ta hanyar rataya dutse da zare a gefenta. Tun daga ƙarfe goma sha biyu saura a riƙa sa alama a ƙarshen inuwar duk bayan 'yan mintoci. Inuwar za ta yi ta gajarcewa, ta kai wani matsayi ta tsaya, sannan ta fara tsawo. Mafi gajartar nan ita ce tsakar rana ta haƙiƙa a wannan gari, wadda malamai suke lura da ita domin sanin zawali.

A Kano, inuwar za ta nuna arewa, tsawonta kuma kimanin santimita 21. Idan aka zana wannan a takarda, tsayin sanda da tsawon inuwa, aka ja layi daga kan sandar zuwa bakin inuwar, kusurwar da ke can saman sandar za ta ba da digiri 12. A Legas inuwar za ta kasance wajen santimita 11, a Agadas za ta kai 30. A kan Ikwaita babu inuwa sam. A sauran ranakun shekara ma ana iya awon, amma sai an san inda rana ta kai a tafiyarta tsakanin arewa da kudu, abin da matuƙan jirgin ruwa suke dubawa a littafin jadawali. Clapperton sojan ruwa ne, yana da na'urar auna tsayin rana da taurari, kuma aikin yau da kullum ne a wurinsa. Ba abin mamaki ba ne da ya samu latitud ɗin Kano daidai.

Wannan ilimi tsoho ne ƙwarai. Wajen shekara ta 830, Halifa Ma'amun na Bagadaza ya aika masana ilimin taurari filin Sinjar, suka yi tafiya arewa da kudu suna auna ƙasa har sai da tsayin da suke gani a sama ya canja da digiri ɗaya, domin su san tsawon digiri a ƙasa. Kafin su, wajen shekara ta 150, Batlimus na Iskandariyya ya tara jerin wurare kusan 8,000, yawancinsu da lambobinsu biyu, Alkhawarizmi kuma ya zo ya gyara da yawa daga ciki. A dukkan waɗannan tsofaffin jerin, kuskuren da ya fi muni a ɓangaren gabas da yamma yake.

Inda agogo ya shigo

Matsala ta farko da lonjitud ita ce ba shi da mafari na halitta. Ikwaita juyawar duniya ce ta samar da ita, ba wanda ya zaɓe ta. Amma layukan tsaye duk tsawonsu ɗaya, babu wanda ya fi wani cancantar zama sifiri. Don haka kowace ƙasa mai ƙarfi ta riƙa ƙirga daga gidanta: Faransawa daga Faris, Ingilishi daga gidan nazarin taurari na Greenwich a gefen Landan. Sai a 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washington, 22 suka amince da Greenwich, musamman domin yawancin jiragen ruwan duniya da taswirorin Ingilishi suke aiki. Faransa ta ƙi jefa ƙuri'a, ta ci gaba da nata na wasu shekaru. Wannan layin sifiri ya sauko ta Faransa da Sifen da Aljeriya, ya ratsa Mali kusa da Gao, ya bi ta Burkina Faso, ya faɗa teku a Tema ta ƙasar Gana. Daga gare shi ake ƙirga digiri 180 gabas da digiri 180 yamma, su haɗu a tsakiyar tekun Fasifik.

Matsala ta biyu ta fi girma. Wanda ya yi tafiya arewa yana ganin sama ta canja. Wanda ya yi tafiya gabas kuwa, taurarin da ya baro su zai tarar, a tsayin da ya san su. Abu ɗaya ne ya canja, shi ne lokacin da suke fitowa.

Mutanen Arewa sun san wannan tun kafin a karanta musu shi a aji. Da azumi, mutanen Maiduguri suna shan ruwa alhali a Sakkwato rana ba ta faɗi ba, duk da cewa agogon garuruwan biyu abu ɗaya yake nunawa. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a awa ɗaya, ko digiri ɗaya cikin minti huɗu na agogo. Maiduguri tana wajen digiri 13 gabas, Sakkwato wajen digiri 5. Tazarar digiri takwas ce, a ninka da huɗu, minti 32. Rabin awa ke nan tsakanin zawalin Maiduguri da na Sakkwato. A lokacin faɗuwar rana latitud ma yana ɗan sa hannu, ya ƙara ko ya rage 'yan mintoci gwargwadon yanayin shekara, amma tsakar rana lonjitud ne kaɗai yake hukunta ta.

Idan haka ne, sanin lonjitud ya koma sanin lokaci a wuri biyu. A koma ga sandar nan ta filin makaranta. A wannan karo ba tsawon inuwar ake nema ba, lokacin da ta fi gajarta ake so. A ce an yi gwajin a Kano a tsakiyar watan Afrilu, aka ga inuwar ta kai ƙarshen gajartarta da ƙarfe 12:26 agogon Najeriya da Nijar. Duk mai sauraren rediyo ya san wannan agogo yana gaban agogon GMT da awa ɗaya, kuma GMT lokacin Greenwich ne. Ke nan sa'ad da rana ta tsaya a Kano, a Greenwich ƙarfe 11:26 ne, saura minti 34 ta tsaya a can. Kano ta riga, don haka tana gabas. A raba 34 da huɗu, a samu 8.5. Lonjitud ɗin Kano ya fito da sanda da agogo.

An zaɓi tsakiyar Afrilu ne da gangan. Rana ba ta tafiya daidai da agogo duk shekara. Wani lokaci takan riga shi, wani lokaci ta makara, har kusan kwata na awa a watannin Nuwamba da Fabrairu. Ranaku huɗu ne a shekara suke daidaita, wajen 15 ga Afrilu, 13 ga Yuni, 1 ga Satumba da 25 ga Disamba. A sauran ranaku sai an yi gyara da jadawali. Kuma gane ainihin mintin da inuwa ta fi gajarta yana da wuya, domin a daidai lokacin kusan ba ta motsi. Masu dabara sukan sa alama a lokacin da inuwar ta kai wani tsawo kafin tsakar rana, su sake sa wa idan ta koma wannan tsawon bayanta, sai su ɗauki tsakiyar lokutan biyu.

Lissafin ba wuya. Wuyar ita ce a da babu rediyo, babu waya, babu wanda zai gaya wa matuƙin jirgi a tsakiyar teku ƙarfe nawa ne a gida. Agogon zamanin kuwa ba ya jure tangal-tangal ɗin jirgi da sauyin zafi da sanyi. Kuskuren minti huɗu a agogo kuskuren digiri ɗaya ne, wanda kusa da Ikwaita ya haura kilomita ɗari. A 1707 jiragen yaƙin Birtaniya huɗu suka afka wa duwatsu a tsibiran Scilly saboda matuƙansu sun yi kuskuren inda suke, fiye da mutum dubu suka halaka. A 1714 majalisar ƙasar ta sa ladan fam 20,000 ga wanda zai kawo hanyar sanin lonjitud a teku da kuskuren da bai wuce rabin digiri ba, wato minti biyu na agogo a tafiyar makonni. Wanda ya warware ta ba shehin malami ba ne, wani kafinta ne mai suna John Harrison da ya koya wa kansa ƙera agogo. Ya shafe shekaru kusan talatin yana gwaji. Agogonsa na huɗu aka ɗauka zuwa Jamaika a ƙarshen 1761, da aka isa, bayan an cire ɗan bambancin da aka riga aka san yana yi kullum, kuskurensa bai wuce sakan biyar ba. Duk da haka sai da ya sha fama da hukuma kafin a biya shi.

Akwai hanya ta biyu, ta amfani da wata a matsayin agogo. Wata yana gusawa tsakanin taurari, don haka idan aka auna tazararsa da wani sanannen tauraro, jadawali zai faɗi ƙarfe nawa ne a Greenwich. Hanya ce mai wahalar lissafi, kuma ƙaramin kuskure a awo yana zama babba a sakamako. Da ita aka samu lonjitud ɗin Kukawa a tafiyar su Clapperton. Daga Kukawa zuwa Kano kuwa, tafiyar fiye da kilomita 500, ƙiyasi ya yi: yau an fuskanci nan, an yi tafiyar awa kaza, ke nan an ci mil kaza. Hanyar fatake ba miƙaƙƙiya ba ce, tafiyar dabbobi kuma ba kullum take daidai ba. Kuskurensa na minti 49 na kusurwa, idan aka mayar da shi lokaci, minti uku ne da 'yan sakanni. Wanda ya yi la'akari da halin da aka yi awon, zai ce mutumin ya yi ƙoƙari.

Wani abu kuma da ya bambanta lonjitud: digirinsa ba tsawo ɗaya ba ne a ko'ina, tun da layukan suna matsowa kusa da juna yayin da suke nufar ƙurya. A Ikwaita kilomita 111 ne, a Kano wajen 109, a digiri 60 arewa inda birnin Oslo yake ya ragu zuwa rabi, a ƙurya kuwa sifiri ne.

Da lambobin gari biyu a hannu, ana iya fitar da nisan da ke tsakaninsu da kuma fuskar da za a duba. Ka'aba tana wajen digiri 21 da minti 25 arewa, digiri 39 da minti 49 gabas. Lissafi daga Kano yana ba da tazarar kusan kilomita 3,500, alƙibla kuma ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa da kimanin digiri 22. Neman alƙibla na cikin abubuwan da suka sa malaman Musulunci irin su Albiruni suka duƙufa a kan wannan fanni. A 1025 ya kammala littafi guda a kan gano matsayin garuruwa, inda ya fitar da lonjitud ɗin birnin Gazna.

Lambobin da ke kan waya, da inda ake tuntuɓe

Wayar zamani ba ta duban rana, amma har yanzu da lokaci take aiki. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke shawagi kimanin kilomita 20,000 sama da ƙasa, kowannensu yana ɗauke da agogo mai matuƙar daidaito, yana ta aiko da saƙon inda yake da lokacin da ya aiko. Wayar tana auna jinkirin isowar saƙon, ta san nisanta da tauraron. Idan ta ji daga huɗu ko fiye, sai ta fitar da latitud da lonjitud har da tsayin wurin daga teku. A fili buɗaɗɗe kuskurenta 'yan mitoci ne. A cikin ɗaki, ko tsakanin dogayen gine-gine, ko ƙarƙashin rumfunan kwano na kasuwa, yana ƙaruwa.

Idan mutum ya danna wani wuri a taswirar waya ya riƙe, lambobin za su fito kamar haka: 12.0000, 8.5167. Ƙa'idar ita ce latitud ne farko, lonjitud na biye. Lamba ba tare da alama ba tana nufin arewa ko gabas, mai alamar ragi a gabanta tana nufin kudu ko yamma. Wani lokaci ana sa haruffa a maimakon alama: N arewa, S kudu, E gabas, W yamma. Duk Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi da Sudan suna arewa kuma gabas. Amma Ankara ta Gana, da Kumasi, suna yamma da layin sifiri, don haka lambarsu ta biyu da alamar ragi take zuwa.

Ɗan ƙaramin kuskure a nan yana kai mutum nesa. Wanda ya juya lambobin Kano, ya rubuta 8.5 farko sannan 12.0, zai ga alamar ta sauka kusa da Ganye a jihar Adamawa, fiye da kilomita 500 daga inda yake nufi. Wannan kuskure yana da haɗari musamman a Najeriya, domin lambobin biyu suna kusa da juna, sai wurin da ba daidai ba ya faɗa cikin ƙasar, ba wanda zai yi saurin zargi. Wanda ya sa wa 8.5 alamar ragi kuwa ya koma Mali, kudu da Bamako. Idan kuma aka ga wani asibiti ko rijiyar burtsatse ta bayyana a tsakiyar teku, kusan kilomita 600 kudu da gaɓar Gana, to mai cike takarda ne ya bar gurbin babu komai, na'ura ta ɗauka sifiri da sifiri ne, inda Ikwaita ta gitta layin Greenwich.

Kuskuren da ya fi yawa a wurin masu cike takardun aiki shi ne cakuɗa minti da ɗigo. Digiri 8 da minti 31 ba 8.31 ba ne, domin minti 60 ne a digiri, ba 100 ba. Sai an raba 31 da 60, a samu 0.517, lambar ta zama 8.517. Wanda ya rubuta 8.31 ya matsar da wurin yamma da fiye da kilomita 22. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: idan a jerin wurare masu yawa babu ko ɗaya da lambobi biyun farko bayan ɗigo suka haura 59, akwai alamar minti aka kwafa aka sa masa ɗigo.

Yawan lambobin bayan ɗigo ma yana da ma'ana. Lamba ɗaya tana nuna wuri cikin kilomita 11, biyu cikin kilomita ɗaya, uku cikin mita ɗari da 'yan kai, huɗu cikin mita 11, biyar cikin mita ɗaya. Don kwatanta gari, biyu sun isa. Don kai direba ƙofar gida, huɗu ko biyar. Jera lambobi goma bayan ɗigo ado ne kawai, tun da wayar da ta ba da su ba ta san wurin da wannan daidaito ba.

A kan maganar fili da gona ya kamata a yi hattara sosai. Duniya ba dunƙule ce cif ba, ta ɗan kumbura a Ikwaita ta baje a ƙuryoyi, saboda haka duk awo yana dogara da siffar duniyar da aka ɗauka da wurin da aka kafa tushe. Waya tana bin tsarin da ake kira WGS 84. Tsofaffin taswirori da takardun safiyo da yawa a Najeriya kuwa an yi su ne a kan tushen da aka kafa a Minna, kuma bambancin tsarin biyu a wuri guda yana kai gomman mitoci. Ko a Greenwich kanta, mai yawon buɗe ido da ya tsaya a kan layin ƙarfen da aka shimfiɗa a ƙasa ba zai ga sifiri a wayarsa ba, sai ya matsa gabas da kimanin mita 100. Don haka wanda ya ɗauki lambobin tsohuwar takardar fili ya zuba a waya, ya ga alamar ta faɗa gonar maƙwabci, kada ya yi gaggawar ɗaga murya. Ya fara kai takardar wurin mai safiyo ya tambaye shi a kan wane tsari aka yi awon.